Ba ya hana ni komai, amma ba mu da hira: ina neman shawara

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, daga Gusau nake. Auren zumunci aka yi mana da ɗan kawuna, shekara takwas ke nan, yaranmu uku. Tsakani da Allah ba ya hana ni komai, kuma ba ma faɗa. Amma in ya dawo daga kasuwa ya ci abinci sai ya ɗauki wayarsa, ni ma in ɗauki tawa, har barci ya kwashe mu. Ƙanwata da ke jami'a ta ce wai soyayya kusurwa uku gare ta, ni guda ɗaya ta rage min. Wacce ce ta rage, kuma sauran suna dawowa?

Maman Walid:
Wa alaikumus salam. Kusurwa uku kuma? 'Yar'uwa ki buɗe ido, ta ukun tana waje. Namiji in ya fara danne-dannen waya bayan isha'i yana murmushi shi kaɗai, to kishiya ce ke tafe. Ki dage da addu'a, ki gyara kanki.

Malama Rabi, Birnin Kebbi:
Maman Walid, ba maganar kishiya ƙanwarta take ba, kuma ba ta ce yana murmushi ba, ke kika ƙara. Abin da yarinyar ta ɗauko daga aji nazarin wani masanin halayyar ɗan Adam ne Ba'amurke, Robert Sternberg, wanda ya fitar a 1986 lokacin yana Jami'ar Yale. Ina koyar da shi, shi ya sa na tsoma baki.

Ya ce abin da muke kira soyayya haɗin abu uku ne. Akwai shaƙuwa, wato ki saki jiki da mutum, ki gaya masa abin da ke cin ranki ba tare da tsoron zai yi miki gori da shi gobe ba. Akwai shauƙi, wanda ya haɗa da sha'awa da ɗokin ganin mutum, har ki ji gabanki ya faɗi in kin ji ƙarar mashin ɗinsa a ƙofar gida. Na ukun shi ne ƙudurin zama: ki yanke a ranki cewa wannan ne naki, kuma ki riƙe wannan hukuncin a daɗi da wuya.

Baiwar Allah, daga abin da kika rubuta, ƙudurin yana nan daram, daga ɓangarensa da naki. Abin da ban sani ba shi ne ko shi kaɗai ne. In ƙuduri ne kawai, Sternberg ya kira wannan soyayyar da babu komai a cikinta sai alkawari. In kuwa akwai shaƙuwa tare da ƙudurin, shauƙi ne kaɗai ya yi sanyi, wannan zaman aminai ne, irin wanda za ki gani wajen dattawan da suka tsufa tare. Daga waje duka biyun kama suke, gida shiru ba hayaniya, amma maganinsu ba ɗaya ba ne. Don haka ki amsa min: in wani abu ya ɓata masa rai a kasuwa, wa yake fara gaya wa? Ke kuma ranar da aka yi miki mummunan labari, lambar wa kika fara kira? Kin san bashin da ake binsa ko wanda yake bi?

Mai tambaya:
Malama, gaskiya Innarsa yake gaya wa, ni sai dai in ji a bakinta in na je gaisuwa. Bara ya yi asarar kaya a hanya, buhunan wake ne, sai da aka yi wata guda na sani, shi ma ƙanensa ne ya yi suɓul da baka. Ni kuma yayata nake kira. Amma da na kwanta asibiti haihuwar autana, a baranda ya kwana har aka sallame ni, ko shago bai buɗe ba. Har yanzu Yaya nake ce masa, kuma in muna mu biyu kunyarsa nake ji kamar ranar da aka kai ni.

Abu Sadik, Talata Mafara:
Ni dai in ce ki gode wa Allah. Na haɗu da wata a bikin abokina, kafin wata uku an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an ɗaura. Kullum muna kan waya har asuba. Da ta tare sai na ga ban san ta ba: ban san tana da saurin fushi ba, ita ba ta san ina da nauyin ƙanne a kaina ba. Ba mu cika shekara ba muka rabu. Duk wannan shauƙin wutar kara ce. Mijin da zai kwana a barandar asibiti saboda ke ya fi mai zuba miki kalamai.

Malama Rabi:
Allah ya musanya maka da mafi alheri, Abu Sadik. Naka ma yana cikin lissafin: shauƙi da ƙuduri ba tare da shaƙuwa ba. An ɗaura alkawarin rayuwa a kan abin da ya fi komai saurin sauka. Dalilin kuwa shi ne abubuwan nan uku ba gudu ɗaya suke yi ba. Shauƙi yana tashi cikin kwanaki, ya kai ƙololuwa, sannan sabo ya rage shi, ko da kuwa ba wanda ya yi laifi. Shaƙuwa a hankali take taruwa, sai an yi ta faɗa wa juna abubuwa ana ganin yadda ɗayan ya karɓa. Wata uku na hirar waya cikin dare ba ya isa, don a lokacin kowa kyakkyawan gefensa yake nunawa. Amma ban yarda da kai ba cewa ta yi shiru ta gode kawai. Godiya daban, neman hira da mijinka daban.

Ke kuma 'yar'uwa, amsarki ta nuna min abu biyu. Labarin waken ya nuna shaƙuwar da ake gani yau da gobe ba ta ginu ba, kowannenku yana da wajen da yake kai damuwarsa, kuma ba ɗakinku ba ne. Labarin asibitin kuma zai iya zama ƙuduri ne tsantsa, mutum mai sauke nauyi, zai kuma iya zama shaƙuwa ce a ɓoye. Sternberg ya yi maganar wannan: a zaman da ya daɗe, shaƙuwa takan nutse har ma'aurata su daina lura da ita, sai wani abu ya girgiza gidan, kamar ciwo ko doguwar tafiya, sannan ta fito fili. Daga nan ba zan iya rabe miki wanne ne ba. Ke kika ga fuskarsa a barandar.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, ban ga alamar wani abu ya mutu a gidanki ba. Kamar dai ba a fara shi ba ne. Shi kansa Sternberg ya lura cewa a inda mutane ke zaɓar juna da kansu, zama a kan alkawari kaɗai yakan zo a ƙarshe, bayan komai ya ƙare, amma a inda iyaye ke haɗa aure yakan zama mafari, sauran su biyo baya. Ku kun tsaya ne a mafarin har shekara takwas, kuma ina zargin kunyar nan ta Yaya da ƙanwa ce ta tsayar da ku.

In kin tambaye ni ta ina za a fara, ba ta shauƙi ba. Ta shaƙuwa, don ita ce ake iya ginawa da gangan. Kada ki zaunar da shi ki ce "ba ka sona", zai ji an tuhume shi, ya lissafa miki buhun shinkafa da kuɗin makaranta, kuma a wajensa gaskiya ya faɗa. Ki fara ba shi naki: wani ƙaramin abu da kika saba kai wa yayarki, yau ki kai masa, lokacin da yake cin abinci kafin ya kai hannu ga waya. Sannan ki yi masa tambayar da ba a amsa ta da "lafiya lau", misali nawa wake ya kai a kasuwa wannan makon, waye ya fi ba shi wahala a cikin masu karɓar kaya bashi. Ranar da ya gaya miki wani abu mai nauyi, kada ya ji shi a bakin kowa, har yayarki. In ya fara kawo miki labari ba ki tambaya ba, abin yana motsi. In an yi watanni ke kaɗai ke bayarwa, shi yana amsawa da kalma ɗaya, wannan ma amsa ce, kuma a nan ne za ki nemi wani babba da yake jin maganarsa.

Hajiya Inno, Argungu:
Ɗiyata, ni ban yi boko ba, jikata ke rubuta min. Da Alhaji muka yi shekara arba'in da wani abu kafin Allah ya karɓi abinsa, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Amma ko akuya zai sayar sai ya shigo ɗakina ya ce "Inno, me kika gani?" To Malama, mu a wace kusurwar za ki sa mu? Kunya ba ta hana shawara. Ni abin da ya dame ni a maganar yarinyar nan waken nan ne da ya ɓoye mata.

Ummu Hanifa, Kaura Namoda:
Ni na karanta cewa sai ukun sun cika daidai wa daida kafin a ce soyayya ce ta gaskiya, in ɗaya ta yi ƙasa auren ya lalace ke nan. Akwai ma tambayoyin da ake amsawa a auna. Ta nemo ta amsa ta ga makinta, ta huta da wasiwasi.

Malama Rabi:
Hajiya, ku shaƙuwa da ƙuduri ne cikakku, kuma kin taɓo inda nazarin yake da rauni. An gina shi a kan mutanen da ke faɗin abin da ke ransu da baki. A nan wani "me kika gani?" ɗinsa ya fi kalaman shekara, sai dai mai aunawa ya san inda zai duba.

Ummu Hanifa, rabin maganarki haka ne. Haɗuwar ukun ita ce ya kira cikakkiyar soyayya, amma ya ce riƙe ta ya fi samunta wuya, kuma bai ce sauran haɗe-haɗen lalacewa ba ne. Shaƙuwa ita kaɗai abota ce. Shaƙuwa da shauƙi ba ƙuduri, shi ne saurayin da ya shekara uku yana zuwa zance, an ce ya turo magabata yana kwana-kwana. Tambayoyin kuma suna nan, guda 45 ne, 15 ga kowace kusurwa, ana ba da maki daga 1 zuwa 9. Sai dai masu bincike sun lura makin ukun yakan tashi tare ya sauka tare, wanda ke jin daɗin aurensa yakan ba komai maki mai yawa, don haka ba ya rarrabewa sosai kamar yadda ake zato. Kuma in ta amsa ita kaɗai, nata ta auna. Shi yana da nasa lissafin, mai yiwuwa a ganinsa gidansa ba abin da ya rasa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na tambaye shi farashin wake, ya kalle ni ya ce "saye za ki yi?" Amma ya faɗa min, har ya ƙara da cewa wani ɗan Lagos ya riƙe masa kuɗi tun kafin azumi. Malama, saura maganar shauƙin. In tun farko ban taɓa jin faɗuwar gaban nan da kika ce ba, yana iya zuwa daga baya?

Malama Rabi:
Ga wasu yana zuwa bayan shaƙuwa, ga wasu ba ya zuwa, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Shi ne cikin ukun wanda ba a yanke shawarar jin sa. Sauran bayanin ba na cikin taro ba ne, da maza a nan, ki same ni ta gefe. Kuɗin ɗan Lagos ɗin nan kuma, kada ki bari Inna ta ji shi daga bakinki.