Sulo a wajen kamu: dole sai an ninka shata?

Sadiya: Na ɗauki liƙi a wani holin biki nan Jos, 120fps, wato hoto 120 a daƙiƙa don ya yi sulo, da shata 1/250, tunda doka ta ce lambar shata ta ninka ta fps. Hoton ya fito da duhu, yana ta ƙyafce-ƙyafce. Ni dai na ce dokar nan ba ta aiki a sulo.

Bala: Haba Hajiya, doka lafiya lau take. Haske ne bai ishe ki ba. Ɗaga ISO kawai.

Oga Iliya: Bala, duhun ka gano, amma ISO ba ya maganin ƙyafcen. Wutarmu 50Hz ce, don haka ƙwan fitila yana haske yana dushewa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani. Kyamara mai ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa kuwa, wani hoton zai faɗa kan haske, na bayansa ya faɗa kan dushewa. Sadiya, shiga saiti ki mayar da ita PAL daga NTSC, za ki ga 100fps ya bayyana. Shi ne ke tafiya daidai da wutarmu, kuma in kika zuba shi a aikin 25fps, ya ragu ninki huɗu cif.

Sadiya: To Oga, shata 1/200 ke nan?

Oga Iliya: A rana, i. A holi ni 1/100 nake sawa. Kowane hoto zai sha zagayen haske guda cikakke, ratsin nan masu ɗaure hoto ba za su fito ba. Ga ribar haske kuma: 1/200 rubu'in hasken 1/50 yake shigarwa, wato in da ISO 800 kike aiki a 1/50, a 1/200 sai kin kai 3200. Da 1/100, 1600 ya wadatar.

Bala: Ai ka karya dokar ke nan! Kuɗin da ake liƙawa za su fito a dame, ba ka gane ɗari biyar da dubu.

Oga Iliya: Za su ɗan damu, ban musa ba. Amma amarya tafiyar yanga take yi, fuskarta ba za ta damu ba, kuma ita ta biya kuɗin aikin.

Auwalu: Ni fa a 25 nake ɗauka, in na zo tacewa in ja shi ya yi sulo.

Sadiya: Auwalu, shi ya sa naka yake cijewa, hotunan da za su cike tsakani babu su. Oga, holin nan da janareto muka yi.

Oga Iliya: Nan lissafi ke ruɗewa, don ƙaramin janareto ba ya zama a 50 daram, kaya na yi masa nauyi sai ya sauka. Kafin a fito da amarya, ɗauki daƙiƙa biyar na farin bango, ki kalla a sulo nan take. In yana rawa, kunna fitilunki na bidiyo masu batir, ki matso da su har su rinjayi na holin.

Bala: In dai za a kawo fitilun batir, me ya hana a koma 1/200? Ni a nan nake.

Oga Iliya: Fitila nawa gare ka, Bala? Biyu ba za su danne holi guda ba.

Bala: Wurin liƙin kaɗai zan haska.