Mahaifina ya rasu, ga aikin malami jibi: yaya zan roƙi ƙarin lokaci?

Ɗan Aji Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah ya yi wa mahaifina rasuwa ranar Asabar 8 ga wata, yau Talata ina gida wajen zaman makoki. Ni ne babba a ɗakinmu, kawu ya ce kada in motsa sai an yi sadakar bakwai. Akwai aikin da wani malaminmu ya ba mu a kan karin magana, shafi 10, maki 15 cikin maki 30 na gwajin zango, kuma jibi Alhamis ake miƙawa. Shafi 4 kawai na rubuta. Dattijo ne mai tsare gida, ban taɓa magana da shi ni kaɗai ba. Me zan rubuta masa?

Maman Sadiya:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Ƙanina, ni dai a ganina takarda ba ta kai zuwa da ƙafa ba. In ka koma ka same shi a ofis, ka gaishe shi, ka faɗa masa. Wa zai hana mai makoki uzuri?

Malam Na Kwaleji:
Allah ya gafarta masa, ya sa can ta fi nan. Maman Sadiya, zuwa da ƙafa yana da kyau, amma in ya jira sai ya koma, ranar ta wuce da kwana uku. Shekaruna sun kai goma ina karantarwa, kuma ina gaya maka, roƙon da ya zo kafin rana da wanda ya zo bayanta ba ɗaya ba ne a idon malami. Na farko uzuri ne. Na biyu, ko gaskiya ne, yana shiga layi ɗaya da masu cewa kwamfuta ta cinye musu aiki. Yau ɗin nan za ka tura, kada ka kai gobe.

Babban kuskuren da nake gani shi ne ɗalibi ya rubuta "a taimaka a ƙara mini lokaci" ya tsaya nan. To har yaushe? Ka ɗora wa malamin aikin yi maka lissafi ke nan, shi kuwa bai san ranar da za ka dawo ba. Kai za ka yanke ranar. Bakwai ta faɗo Juma'a ko Asabar, gwargwadon yadda gidanku ke ƙirgawa, Lahadi 16 kana hanya, ka ba kanka kwana uku ka ƙarasa shafi shida. Alhamis 20 ke nan, mako guda cif. Ga yadda zan rubuta in ni ne:

Assalamu alaikum Malam,

Sunana wane, lambar rajistata kaza, ɗalibin aji uku a darasinka na Adabin Baka. Ina sanar da Malam cewa Allah ya yi wa mahaifina rasuwa ranar Asabar 8 ga wannan wata, yanzu haka ina gida, kuma ba zan samu dawowa ba sai Lahadi 16.

Saboda haka ba zan iya miƙa aikin karin magana ranar Alhamis 13 ba. Ina roƙon alfarmar Malam ya ba ni zuwa Alhamis 20. Na riga na rubuta shafi 4, ga hotonsu na haɗo. Idan wannan rana ba ta yi wa Malam ba, duk wadda ya ga ta dace zan bi.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Shi ke nan. Kada ka saka jinyar da aka yi da kuɗin asibiti da ƙannen da aka bar maka, in ya tambaya ka faɗa masa baki da baki. Hoton shafukan nan kuwa ya fi duk wata rantsuwa aiki, domin yana nuna ba ranar Asabar ka fara tunanin aikin ba. Kuma lambar rajista kada ka manta da ita. Mu a takardar maki lamba muke nema, aji ɗaya sai ka tarar da Abubakar biyar.

Sarkin Zumuɗi:
Allah ya jiƙansa. Abokina kada ka yi wasa, maza ka rubuta wa shugaban sashe a jingine maka zangon gaba ɗaya. Wani ɗan ɗakinmu bai rubuta ba, sai da ya maimaita kwas biyu.

Malam Na Kwaleji:
A'a, wancan jarrabawa ya rasa, magana ce daban, ita ce ke bi ta sashe har sama. Wannan aikin gida ne, yana hannun malamin da ya bayar. In ka tsallake shi ka kai wa shugaban sashe, zai ga kamar ƙararsa ka kai tun bai ce komai ba. Wanda ya kamata ya sani bayan malamin shi ne kodinetan ajinku, saboda lakcocin mako guda da za ka rasa. Makarantu da yawa suna neman halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a zauna jarrabawa.

Yar Zariya:
Allah ya ba da haƙurin rashi. Ni abin da ya same ni da kakata ta rasu ina aji biyu: na rubuta takarda mai kyau na ba wakilin aji ya kai. Ashe tana cikin jakarsa har na dawo, ta yi laushi da man gyaɗa. Malamar ta ce ba ta ga komai ba, ta cire mini maki biyar. Don haka in za ka aika ta hannun wani, a yi kwafi biyu, kuma ka kira shi ka ji ya miƙa. Sannan ka haɗa da takardar shaidar mutuwa, ita ta ce mini da na kawo da ta duba.

Ɗan Aji Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai a gida ya rasu bayan Asuba, kafin Azahar an kai shi, babu wata takarda. Kuma Malam, lambarsa kawai nake da ita. In tura ta WhatsApp bai zama raini ba?

Malam Na Kwaleji:
In shi ya ba aji lambar, tura. Amma da rana, ba bayan Isha'i ba, kuma a rubuce, banda saƙon murya. In ta bayan fage ka samo ta, rubuta da hannu, ɗauki hoto, wakilin aji ya buga ya kai ofis. Maganar shaida kuwa, ni ban taɓa tambayar ɗalibi takardar mutuwar ubansa ba, nauyi nake ji.

Yar Zariya:
Kai ke nan Malam. Wasu suna tambaya, don an sha kashe musu kakanni a bakin jarrabawa.

Maman Sadiya:
Haka ne. Ko sanarwar da aka tura a zauren 'yan uwa ka ajiye hotonta, ko mai unguwa ya rubuta maka layi biyu ya buga hatimi. Ka riƙe a aljihu, in an tambaya ka fito da ita.

Malam Na Kwaleji:
Abu ɗaya da zai iya ɓata lissafin: in sashe ya riga ya sa ranar karɓar makin gwaji kafin 20, hannunsa a ɗaure yake, sai dai ya ba ka Litinin 17. To ka ɗan riƙa taɓa aikin da dare in masu gaisuwa sun watse. Kuma shirunsa ba amincewa ba ne. In har gobe da yamma bai amsa ba, wakilin aji ya tuna masa a ƙarshen lakca.

Ɗan Aji Uku:
Shi ya ba mu lambar a ranar farko. Na tura yanzu da hoton shafukan. Ya buɗe, bai ce komai ba tukuna.