Ku duba min zanen nan kafin in miƙa aikin fiziks

Ƴar aji biyar: Salamu alaikum. An ba mu aikin gida: akwati mai kilo 5 ana jan shi sama da igiya a kan gangare mai digiri 30, gudunsa ba ƙari ba ragi, μ = 0.2, g = 10. Kibiyoyi huɗu na zana: T tana hawa, mg tana kallon ƙasa, mg sin30 tana gangarowa, sai gogayya tana bin T. Na samu T = 16.3 N. Me na manta?

Habu: Wa alaikumus salam. Kin manta R, turin da gangaren ke yi wa akwatin. Saka ta tana kallon sama, 50 N daidai da nauyin, shi ke nan.

Malam Sani: Habu, rabin maganarka daidai ce. R ce ta ɓace, amma ba sama tsaye take kallo ba, tana fitowa ne daga fuskar gangaren a kusurwar digiri 90. Kuma 50 N sai a kan tebur shimfiɗaɗɗe. A nan mg cos30 ce, wato 43.3 N.

Ƴata, hanyar da nake bi ita ce in zagaye akwatin da fensir in tambaya, me ke taɓa shi? Igiya ta ba da T. Gangaren ya ba da biyu, R da gogayya. Sai nauyi, wanda ba ya buƙatar taɓawa. Huɗu ke nan. Ke ma huɗu kika zana, amma mg sin30 ba wani ƙarfi ba ne na daban, yanki ne na mg, kin ƙirga nauyi sau biyu.

Gogayya kuwa juya ta za ki yi. Akwatin hawa yake, don haka baya take ja da shi. 0.2 × 43.3 ya ba da 8.7 N, sai T = 25 + 8.7 = 33.7 N. Ai amsarki ma ta tona asirin kibiyar: da gangaren sulɓi ne da shi, 25 N za a buƙata. Ta yaya mai kaushi zai fi sauƙin ja?

Ummi: Malam, ni fa a jarrabawarmu ta bara gogayya sama na zana, kuma aka ba ni maki.

Malam Sani: Wataƙila naku saukowa yake. In da ana sauke akwatin nan ne a hankali da igiyar, da 16.3 N ɗin ta zama daidai.

Ƴar aji biyar: Na gode Malam. To in goge mg sin30 gaba ɗaya?

Habu: Mu malaminmu ya yarda a bar ta da ɗigo-ɗigo.

Ummi: Namu kam rage maki yake in ya gan ta. Zane na biyu muke yi a gefe.