Data na ƙarewa da wuri? Ga abin da mutane suka ce

Jiya da dare a majalisarmu ta Samaru maganar data ce ta cinye hirar, saboda wani ɗalibi ya ce gig ɗaya ya saya da safe kafin la'asar ta ƙare, kuma darasi kawai ya kalla a YouTube.

Abin da kowa ya fi nanatawa shi ne kar ka bar ingancin bidiyo a kan Auto. Netwok na ɗan dawowa sai wayar ta haura da kanta zuwa 720p ko sama ba ka sani ba, 720p kuwa tana iya shan kusan gig guda a awa ɗaya, alhali 360p ba ta kai rabin haka ba. Shiga Settings na YouTube, ka taɓa Video quality preferences ka zaɓi Data saver. In wa'azi ne ko karatu da murya kawai kake bukata, wallahi 144p ma ta wadatar. A kashe Autoplay kuma, shi ke ci yayin da barci ya ɗauke ka.

Ɗora bidiyo nan ne ni abin ya fi min ciwo. Na taɓa tura bidiyon walima daga Tudun Wada, ya kai kashi 80 ya tsinke, na sake daga farko har sau uku, datar da ta tafi kuma ba ta dawowa. Wani yayanmu mai gyaran waya ya ce min, ƙanena laifin kyamararka ne, ka sauke ta daga 1080p zuwa 720p tun kafin ɗauka, ka yanke bidiyon gajeru gajeru, sannan a WhatsApp kar ka danna HD kuma kar ka tura shi a matsayin Document, domin a Document zai tafi ne da duk nauyinsa. Ya ce in jira bayan asuba lokacin da layi ba cunkoso.