Karo-karon burtsatse: a ce babu, ko a sa suna?

Baban Amira: Salamu alaikum. Kwamitin layinmu sun yanka wa kowane gida ₦10,000 na gyaran burtsatse. Albashina ₦70,000, ga kuɗin makarantar yara. Na ce wa shugaba wannan karon ba hali, wai na ba da kunya. Ni a ganina gara haka da in sa suna in kasa biya.

Ɗanlami Tela: Kunya kam ka bayar, yallaɓai. Ka sa suna kawai, kafin a zo karɓa Allah zai kawo. Sayyidina Abubakar dukiyarsa kaf ya kawo.

Hajiya Ladi: Ɗanlami, irinku ne suka sa na ajiye muƙamin ma'aji. Mun tara na famfon sola, gida 40 suka yi alkawarin ₦10,000, muka lissafa ₦400,000, muka ba mai aiki kafin alƙalami ₦250,000. Gida 27 kaɗai suka biya. Ya tsuke famfo ya tafi, fanel babu, wata uku muna sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Da sha ukun nan sun ce babu tun farko, da ƙaramin famfo muka saya. Ni mai "babu" bai taɓa cutata ba, mai "in sha Allahu gobe" ne ya sa na riƙa ɓuya.

Malam Habu: Ɗanlami, labarin gaskiya ne, amma ba kowa aka ɗora wa ba. Ka'abu bin Malik ya so sadaukar da dukiyarsa duka, Annabi (SAW) ya ce ya riƙe wani ɓangare, ya fi masa alheri. A Buhari kuma an ce mafificiyar sadaka ita ce ta bayan wadata, a fara da wanda ake ciyarwa. Suratul Isra'i aya ta 28 ta ce wa wanda hannunsa ba komai ya faɗi magana mai taushi.

Ummi: To ai kuɗinsa ma bai kai nisabi ba.

Malam Habu: Ba zakka ake magana ba, Ummi.

Yaya Sale: Malam, nan na rabu da kai. Wannan ba sadaka ba ce. Gobe yaransa za su jera jarka a bakin famfon. Wanda zai sha ruwa ba ya cewa babu ya tsaya nan. Ya ce ga ₦2,000 yau, ko ya nemi a raba masa wata biyar, ko ya yi gadin kaya.

Hajiya Ladi: Rabawar na yarda, in ya faɗi rana. Amma laifin kwamiti ne da ya yanka wa mai shago uku da malamin firamare kuɗi ɗaya. Ka same shi shi kaɗai, Baban Amira, ba gaban jama'a ba, kuma kada ka zayyana masa basussukanka.

Baban Amira: ₦2,000 zan iya ranar albashi. Amma shugaban ya ce duk wanda bai cika goma ba, za a karanta sunansa bayan Magariba.

Ɗanlami Tela: Ka gani ko?

Malam Habu: A'a, wannan tozarci ne. Zan same shi bayan La'asar.

Yaya Sale: In ba a karanta ba, Malam, wa zai biya?