Gajeren saƙo ne ko yankewa ya yi? Ku faɗi yadda kuke ganewa

Maman Ihsan: Jama'a, ina son jin yadda kowa ke yi. Wani lokaci saƙo zai shigo layi ɗaya tal, ka rasa ko iyakar abin da mai shi zai faɗa ke nan, ko kuwa saura ya maƙale a hanya. Tambaya kuma nauyi gare ta idan babba ne ya turo.

Ɗan Autan Gida: Ai mai sauƙi ne, Hajiya. In babu aya a ƙarshe, yankewa ya yi.

Malama Binta: Auta, mutum nawa ne ke sa aya a waya? Sai dai ka gwada da yadda mutumin ya saba rubutu. Ni kalmar ƙarshe nake dubawa. Idan saƙo ya tsaya a kan "amma", "cewa", "saboda", ko ya fara da "idan" bai kawo abin da zai biyo baya ba, to da saura. Haka wanda ya rubuta "na karɓi" ya tsaya, dole ka tambaya me ya karɓa, domin wanda ya gama magana "na karɓa" zai ce. Gajeren saƙo na gangan yana amsa tambayarka cif, ko da "to" ne kawai.

Injiniya: Malama ta yi gaskiya, amma akwai yankewar da ba ta barin irin wannan alama, musamman a tes na layin waya. Tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka idan duk haruffan boko ne na yau da kullum. Da zarar an sa ƙ, ɗ, ɓ ko emoji guda ɗaya, adadin ya sauko zuwa 70. In rubutu ya wuce haka, waya na rarraba shi kashi-kashi: 153 kowane kashi a na farko, 67 a na biyu. Wayar mai karɓa ce ke sake haɗa su, kuma wani lokaci kashi ɗaya ya iso, ɗayan ya makara.

Na taɓa samun wannan daga maigidana a wurin aiki: "Na duba daftarin da ka turo, ya ƙayatar. Ka sa hannu a kan takardar". Magana ce cikakkiya a ido. Abin da ya tsayar da ni shi ne jimlar farko na da aya, ta biyu babu. Sai na ƙirga har da sarari da alamomi, na samu 67 daidai, ga kuma ƙ a ciki. Ban sa hannu ba. Can sai ga saura: "bayan lauya ya gyara sashe na uku."

Ɗan Autan Gida: Kai, Yallaɓai, wa zai zauna ƙirga haruffa?

Injiniya: Ba kowane saƙo ba. Wanda zai sa ka tura kuɗi ko ka sa hannu ne ya cancanci wahalar. Kuma wannan lissafi na tes ne kaɗai, bai shafi WhatsApp ba.

Yaya Sani: Ni dai duk wanda na rubuta wa dogon bayani ya maido min da "ok", na san fushi yake da ni.

Maman Ihsan: Yaya, wannan wata magana ce daban. Muna kan ko saƙon ya cika ne, ba ko ran mai shi ya ɓaci ba.

Ummi: Nawa duk a WhatsApp suke faruwa. Na farko, ka buɗe saƙon kansa, don sanarwar da ke leƙowa saman allo farkonsa kawai take nunawa, dogon saƙo ma sai ka danna `Read more`. Na biyu, yayata da ke rubutu a kwamfuta takan danna `Enter` don ta sauka layi, sai saƙon ya tafi rabi. Da na ga alamar tana kan rubutu nakan dakata.

Malama Binta: Saƙon murya ya fi sauƙi a wurina. Wanda ya gama, muryarsa na sauka, ka ji sallama ko ɗan shiru. Wanda yatsa ya zame masa, maganar na katsewa murya tana sama, wani lokaci a tsakiyar kalma.

Ummi: Ba kullum ba, Malama. Babanmu ko ya gama, a kan harafin ƙarshe yake sakin maɓallin, kullum sai ka ɗauka yankewa ya yi. Har yau ban iya rarrabe nasa ba.

Injiniya: Irin wannan sai tambaya. Ni nakan kwafo inda saƙon ya tsaya in tura: "Ranka ya daɗe, nan ya tsaya a wurina, ko da ci gaba?" Kin ga laifin ya koma kan waya.

Ummi: Baba ba ya karanta rubutu a waya, sai dai in kira shi.