Idan an soke aiki, yaya za a rubuta imel ɗin?

Ranar Asabar mun zauna a Sabon Gari, mu 'yan ƙungiyar sa-kai, kan aikin rijiyoyin burtsatse guda 3 da mai ba da tallafi ya janye kuɗinsa. Dole a sanar da ma'aikata ta imel.

Abin da muka fi daɗewa a kai shi ne inda za a sa labarin. Mu Hausawa mun saba da doguwar gaisuwa, amma wata Hajiya da ta daɗe a aikin ofis ta ce sallama ɗaya ta isa, sai labarin ya biyo: "An soke aikin daga 30 ga wata." Na yarda da ita. Na taɓa karɓar wasiƙar da sai a sakin layi na huɗu na gane an rage mana kasafi, kuma ɓoyewar ta fi ragin yi mini ciwo.

A guji "wataƙila" idan an riga an yanke hukunci, domin mutum zai zauna jiran abin da ba zai zo ba. A faɗi dalili a taƙaice, a faɗi ranar biyan haƙƙin da ya rage.

Wani Malam ya ƙara da cewa wanda albashinsa zai tsaya, a kira shi a waya tukuna, kada ya fara gani a imel.